Ɗanyar shinkafa da dafaffiya: inda lissafin kalori yake ruɗa masu farawa

Kusan duk wanda ya sayi sikelin kicin ya fara ƙirga abin da yake ci, tambayarsa ta farko ɗaya ce. Ya duba jikin fakiti ya ga giram 100 na shinkafa kalori 360, ya buɗe manhaja a waya ya ga an rubuta 130, sai ya ce to wa ke ƙarya? Babu mai ƙarya. Na amsa wannan tambaya har bakina ya gaji, shi ya sa na zauna in rubuta ta sau ɗaya.

Ɗanyar farar shinkafa busasshiya ce, ruwan da ke cikinta bai wuce kashi 12 zuwa 13 cikin ɗari ba, sauran kusan duk sitaci ne da ɗan furotin. Idan ta shiga tukunya sai ta sha ruwa ta kumbura, nauyinta ya ninka sau biyu da rabi zuwa sau uku. Ruwa yana da nauyi amma ba shi da kalori ko ɗaya. Saboda haka giram 100 da ka zuba a tukunya zai fito kusan giram 280, kalorin yana nan 360 ɗinsa, bai ƙaru ba bai ragu ba, bazuwa kawai ya yi cikin nauyi mai yawa. Raba 360 da 280, sai ka samu kusan 1.3 a kowane giram, wato 130 ɗin da manhaja ta nuna. Taliya ma haka take, sai dai ba ta kai shinkafa shan ruwa ba: busasshiya kusan 370 ce a giram 100, dafaffiya kuma wajen 155 zuwa 160, don nauyinta yakan ninka sau biyu da ɗan ɗoriya ne kawai.

Kuskuren da ya fi cin mutane, ni ma ya ci ni, shi ne auna ɗaya a rubuta lambar ɗayar. Lokacin da na fara neman rage ƙiba, ɗanya nake aunawa, giram 100 da rana, giram 100 da dare. Sai in rubuta shinkafa a manhaja, in danna wadda ta fara fitowa ban karanta abin da ke gefenta ba. Ashe ta dafaffiya ce. Ina rubuta 130 ina cin 360. Kowane ci kalori 230 suna wucewa ba a rubuce ba, sau biyu a yini 460 ke nan, kuma gibin da na tsara wa kaina a yini, wato tazarar da ke tsakanin abin da nake ci da abin da jikina yake ƙonawa, 500 ne. Ka ga duk wahalar a banza. Wata uku ina hawa sikeli yana nuna mini lamba ɗaya. Na zargi jikina, na zargi sikelin, har na sayi sabo. Ranar da na gano inda gizo yake saƙa, kunya ce ta kama ni, don kalmar `cooked`, wato dafaffiya, tana nan ɓaro-ɓaro kusa da sunan tun ranar farko.

Akwai masu yin akasin haka, kuma su ne suka fi ba ni tausayi. Mutum ya zuba dafaffiya giram 250 a faranti, ya lissafa da lambar fakiti, ya ga 900, hankalinsa ya tashi, ya hana kansa abincin dare. Alhali abin da ya ci bai wuce 325 ba. Hanyar gane wanne ka ɗauko ba ta da wuya. In lambar giram 100 ta haura 340, ta busasshiya ce. In tana tsakanin 110 da 170, ta dafaffiya ce. Haka za ka duba jikin fakiti ma, don wasu kamfanoni lambar bayan dahuwa suke bugawa da ƙananan haruffa.

Kuskure na biyu ya fi wayo, don mai yin sa gani yake ya gama fahimtar komai. Ya riƙe 130 kamar hadda, kowace tukunya da ita yake lissafi. To wa ya ce maka tukunyarka ta sha ruwa daidai da wadda aka auna aka samo wannan lamba? Mu ɗauki ɗanya giram 300, kalori 1080 ke nan. In ka dafa ta ta yi wara-wara ta fito giram 750, kowane giram 100 yana da 144. In ruwa ya yi yawa ta caɓe ta kai giram 900, ya koma 120. Faranti mai giram 250 daga ta farko 360 ne, daga ta biyu 300. Shinkafa ɗaya, hannu ɗaya, bambancin 60. Taliya da aka sauke da sauran tauri da wadda aka manta a wuta ta yi luguf haka suke rabuwa. Don Allah a daina yi mini gardama da hoton manhaja, manhaja ba ta leƙa tukunyarka ba.

Ni yanzu ɗanya nake aunawa kullum, kafin in wanke ta, don ita ce nauyinta ba ya sauyawa. In ni kaɗai zan ci, magana ta ƙare a nan. In tukunyar ta mutum da yawa ce, sai in auna tukunyar babu komai a ciki tun kafin in ɗora, in rubuta. Tawa giram 900 ce, na ma rubuta a takarda na manna a bango. Bayan na sauke sai in ɗora tukunyar da shinkafar a sikeli, da faranti a ƙarƙashi saboda zafi, bayan na mayar da sikelin sifili. A ce ɗanya giram 300 ɗin nan mai kalori 1080 na dafa, sikelin ya nuna 1740. Cire 900, saura 840. Raba 1080 da 840, kowane giram 1.29. Na zuba 250, na ci kusan 320. Wasu sun fi son su raba tukunyar kashi uku daidai su ce kowane kashi 360 ne, wannan ma daidai ne, ni dai ban yarda da idona wajen rabo ba.

Mai fa? Shi kam yana ƙara kalori na gaske a cikin tukunya. Babban cokali ɗaya kusan 120 ne, biyu 240, sai a tara su kan 1080 kafin a raba, jimla 1320. Mutane suna ta jayayya kan giram goma na shinkafa, suna tsiyaya mai da ka.

Sauran ƙanana ne. Kada ka auna ta bayan wanki ko jiƙo ka kira ta ɗanya, ta riga ta sha ruwa. Kofi ba ma'auni ba ne a nan, don dafaffiya tana dannuwa. Sitacin da ke bin ruwan da aka tsiyaye kaɗan ne, ni ba na cire masa komai. Wadda ta kwana a firji a buɗe ta bushe, nauyinta ya ragu, don haka lambar jiya ta yi mata kaɗan. Zancen cewa sanyaya shinkafa yana rage kalori yana da tushe, wani ɓangare na sitacin yakan koma mai wuyar narkewa, amma ragin bai kai a sauya lissafi saboda shi ba. Taliya mai danshi da ake sayarwa a firji kuwa da ruwanta ta zo, giram 100 ɗinta bai kai 370 ba kuma ba ta ninka nauyi kamar busasshiya, ita lambar jikin fakitinta za ka bi.