Mayar da saƙon murya na fushi zuwa rubutu: kurakuran da aka fi yi

Wanda aka tura wa saƙon murya na minti biyar cike da masifa ba ya sauraronsa har ƙarshe. Da ya ji zagin farko sai ya tsayar, ya fara haɗa martani, ko ya tura wa 'yan uwansa su ji cin mutuncin da aka yi masa. Daga nan maganar ta tashi daga kan laifinsa ta koma kan bakinka. Shi ya sa gara a mayar da saƙon rubutu kafin a tura, sai dai mayarwar ma akwai inda ake kuskurewa.

A ce wata baiwar Allah a Gwammaja ta sayo leshi yadi biyar a Kantin Kwari, ankon bikin ƙanwarta, ta kai wa tela a Fagge. Sun yi ciniki naira 15,000, ta ba da 10,000, ya ce ta zo ranar Litinin. Ga Laraba ta yi, kamu gobe Alhamis, ɗinki babu labari, waya kuma ba ya ɗagawa. Ta danna makirfon ta ce: "Wallahi kai macuci ne, maƙaryaci marar tsoron Allah! Dama an faɗa min halinka. Tun Litinin nake zarya, kuɗin adaidaita kawai nawa na kashe? Kowa ya karɓi nasa sai ni, yayar amarya! Haka kuke a gidanku. Za ka ga abin da zan yi maka!"

Kuskure na farko shi ne zama a rubuta nan take, ana kwafar abin da baki ya faɗa. Rubutu ya fi murya kaifi, domin a murya ana jin rawar maƙogwaro, a gane ciwo ne ke magana, amma "macuci" a rubuce ba shi da wannan uzurin. Abin yi shi ne ta tura muryar zuwa lambarta, tunda WhatsApp yana bari mutum ya tura wa kansa saƙo. Ta yi alwala, ta zauna, sannan ta saurara kamar ta wata ce. Tana saurare tana ware maganganun gida uku: abin da ya faru, abin da ya jawo mata, da hukuncin da ta yanke a kan halinsa. Biyun farko su ne saƙon, na ukun kuma a bar shi a wayar. "Maƙaryaci" hukunci ne, kuma zai musa. "Ka ce Litinin, yau Laraba" kuwa ba shi da ta cewa a kai.

Na biyu ya fi ɓuya. Mutum ya cire ashar da zagin fili, ya ɗauka ya gama, alhali ya bar habaici da gori. "Dama an faɗa min halinka" babu kalmar zagi a ciki, amma zagi ne, kuma ya buɗe wata sabuwar rigima ta waye ya faɗa. Haka "ai ba laifinka ba ne, laifina ne da na kawo maka", da "kullum haka kake", da tuna masa cewa ita ta kawo masa kwastomomi. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a karanta kowace jimla a tambaya, wannan a kan ɗinkin take ko a kan mutumin? Wadda ta taɓo iyaye ko asali kuwa, irin "haka kuke a gidanku", a goge ta ba tare da shawara ba. A Kano wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kalmar da ta sheganta mutum ko ta jingina masa zina tana iya zama ƙazafi, wanda haddinsa bulala 80 ne a aya ta 4 ta Suratun Nur, kuma jihar tana aiki da shari'ar Musulunci tun 2000. Rubutu shaida ne da ake ɗaukar hotonsa a kai gaban alƙali ko Hisbah, mai gaskiya ta wayi gari ita ake tuhuma.

Kuskure na uku shi ne ya fi damuna, domin masu kunya da kawaici ne ke yin sa. Garin wanke zagi sai su wanke fushin gaba ɗaya. Saƙon ya koma: "Salamu alaikum Malam, ya aiki, ya iyali? Don Allah ka yi haƙuri na dame ka, ko ɗinkin ya samu? In bai samu ba ba komai." To ai da komai! Tela mai tulin ɗinkin biki a gabansa yana ganin "ba komai" zai tura leshinta ƙasan tulin. Ita kuma za ta kwana da abin a ranta, washegari ta sake danna makirfon, ta faɗi wanda ya fi na jiya muni. Ɓacin rai haƙƙinta ne, kuma akwai kalmomin faɗarsa da ba su taɓa mutuncin kowa: raina ya ɓaci, ban ji daɗi ba, ka ba ni kunya, abin ya yi min ciwo. A faɗi ɗaya ko biyu a fili, a haɗa da dalilin. A muryarta, jimlar da ta fi kowace nauyi ita ce "kowa ya karɓi nasa sai ni, yayar amarya". Nan ciwon yake, kuma ita ce mutane suka fi gogewa, suna ganin kamar rauni ne a nuna. Sallama ta isa gaisuwa a irin wannan saƙon, kuma ba a ba da haƙuri a kan neman haƙƙi.

Sai barazana. "Za ka ga abin da zan yi maka" ba ta gaya masa abin da ake so ya yi ba, kuma ana iya fassara ta yadda aka ga dama. A maye gurbinta da buƙata ɗaya, da lokaci, da matakin da za a iya ɗauka da gaske. Ga yadda saƙon zai fita:

"Salamu alaikum Malam. Ka yi min alkawarin ɗinkina ranar Litinin, na ba ka naira 10,000 cikin 15,000. Yau Laraba, na zo shago ban same ka ba, na kira ba ka ɗaga ba. Gaskiya raina ya ɓaci ƙwarai. Gobe ne kamun ƙanwata, kowa ya karɓi ankonsa sai ni da nake yayar amarya, kuma hakan ya yi min ciwo. Ina so na karɓi kayana a ɗinke yau kafin isha'i. In ba zai yiwu ba, ka faɗa min kafin la'asar na aiko a karɓi leshin da kuɗina na kai wani wuri."

Wanda ya karanta wannan ya san an yi fushi da shi, kuma babu layin da zai ɗauka ya nuna wa wani a matsayin an zage shi.

Ƙananan abubuwa da ke ɓata saƙo mai kyau: rubutu da manyan baƙaƙe, jera alamar motsin rai, da ɗan hoton fuskar dariya ko ta fushi a ƙarshe, wanda ke mayar da maganar izgili. Kada kuma a yayyanka shi guntu-guntu har goma. A tura shi dunƙule ɗaya, gare shi shi kaɗai, ba a zauren unguwa ko a sitatus ba.

Kada a dogara da gyara bayan turawa. Edit yana aiki ne cikin minti 15 kawai, kuma ana ganin alamar an gyara. Delete for everyone yana kaiwa kimanin kwana biyu, amma ba ya goge abin da aka riga aka karanta ko aka ɗauki hotonsa. In la'asar ta wuce bai amsa ba, ba sabon saƙo ake rubutawa ba, sai ta aiki ɗan'uwanta shagon ya karɓo kayan kamar yadda ta faɗa.