Koren gari ba duka ne kuka ba: kurakuran masu sayen kayan ƙamshi da busasshen ganye

A garin Kaduna, a layin masu kayan miya na Kasuwar Barci, ko Bakin Dogo, ko kasuwar Kawo ranar Talata, babu kwanon da aka manna wa takarda. Gari ne jibge a cikin roba, ƙwayoyi a ƙulle cikin leda, ganye a bakin buhu. Mai kaya ya san abinsa, amma sau da yawa ya tafi salla ya bar yaro, ko kuma an sayo ƙulli biyar an kai gida an manta wanne ne wanne. A nan ake zuba abin da ba shi ba a tukunya.

Kuskuren da ya haifi sauran shi ne dogaro da launi. Launin busasshen ganye ya fi ba da labarin yadda aka shanya shi fiye da labarin bishiyar da aka tsinko shi. Ganyen kukar da aka shanya a inuwa yana fitowa kore shar. Na bishiya ɗaya da aka baza a rana yana dusashewa ya koma kamar ruwan toka. Idan ya daɗe a buɗe, musamman lokacin hunturu da ƙura ke sauka a kan komai, sai ya yi ja-ja. Ke nan kuka kaɗai tana iya zuwa da launi uku, kuma kowanne cikinsu akwai lalle ko zogale ko magaryar da ta yi daidai da shi. Wanda ya ce yana gane kuka daga nesa, sa'a ce ke raka shi.

Mu ɗauki misali. Uwargida ta dawo daga cefane da ƙulli huɗu na koren gari: kuka don miyar dare, lalle don ƙunshi, garin zogale, da garin magarya na wanke kai. Ledar iri ɗaya ce, ɗaurin iri ɗaya. Abin da yawanci ake yi shi ne a ɗaga kowanne a haske a zaɓi wanda ya fi kore. To lalle sabon niƙa yakan fi tsohuwar kuka kore, don haka wannan zaɓin kai tsaye yake kai lalle cikin miya.

Abin da ya kamata ta yi bai wuce aikin minti 15 ba. Ta ɗebi kaɗan daga kowanne da yatsu biyu ta zuba a farin faranti, kowanne a gefensa, ta ɗiga ruwa ɗigo uku ko huɗu, ta murza. Kuka tana kama ruwa nan da nan ta yi santsi, idan aka raba yatsun za a ga yauƙi yana ja. Lalle yana kwaɓuwa kamar laka, yana iya yin ɗan danƙo, amma ba ya ja irin na kuka, kuma da ruwa ya taɓa shi warinsa na ɗanyar ciyawa yake tasowa. Idan har akwai shakka, ta shafa ɗan kwaɓin a tafin hannu ta bar shi minti 10 ta wanke. Lalle zai bar tabo mai ruwan goro, sauran ukun ba za su bar komai ba. Zogale ba ya yauƙi, yana jiƙewa ya tsaya a yadda yake, kuma a harshe yana da ɗan ɗaci da ɗan yaji. Magarya ana gane ta a kwalba: cokali ɗaya a rabin kwalbar ruwa, a girgiza da kyau, kumfa za ta taru a sama ta daɗe ba ta kwanta ba.

Inda wannan gwajin yake tsayawa shi ne tsakanin masu yauƙi da junansu. Kuka da karkashi da lalo duk suna ja, ruwa ba zai raba su sosai ba. A nan sai a koma ga hanci, da kuma ganyen da bai niƙu ba, domin da wuya a rasa guntunsa a cikin kwano. Ganyen lalo yana da haƙora a gefe, kuma a gindinsa akwai wasu 'yan siraran gashi guda biyu da suka juya baya. Wanda ya ga wannan gashin ya gama bincike. Ganyen kuka kuwa gefensa sumul yake, yatsu ne da suka fito daga wuri ɗaya.

Ruwan nan kuma yana tona wani abin da ido ba ya gani. A zuba cokalin kuka a kofin gilashi, a dama, a bar shi ya natsu. Idan an shanya ganyen a ƙasa ko an ƙara masa nauyi, yashi zai kwanta a gindin kofi. Kukar da aka dama ta ƙi ja kuwa ta tsufa, ko da ita ce ta gaske, kuma ƙarin kanwa ba zai mayar da ita sabuwa ba.

A ganyen da ba a niƙa ba, wanda na fi so mutane su kiyaye shi ne filasko. Busasshensa ƙanana ne, sirara, masu tsini, kuma yana kama da ganyen lalle ko wani ganyen shayi ga wanda bai saba ba. Filasko maganin wankin ciki ne, wanda ya dafa shi da yawa a matsayin ganyen shayi zai kwana yana zarya da murɗar ciki. Kar a ɗauke shi zogale: ganyen zogale kusan zagaye yake, bai fi farcen yatsa ba, siriri ne yana rugujewa da an murza. Tafasa ta fi zogale girma, kuma faɗinta yana can wajen kai, gindin ne ya tsuke.

Sai baƙaƙen ƙwayoyi, inda ake asarar kuɗi fiye da asarar miya. Habbatus sauda da baƙin riɗi da irin albasa duk ƙanana ne baƙaƙe, kuma a cikin leda ba su da maraba. Kuskuren a nan shi ne kallon tarin maimakon kallon ƙwaya ɗaya. A zuba guda goma a tafin hannu ko a kan farar takarda, a fito da su haske. Habbatus sauda tana da kusurwa uku, tsawonta milimita 2 zuwa 3, jikinta da kaushi, ba ta ƙyalli. Idan aka murƙushe ta da farce cikinta fari ne mai maiƙo, ƙamshinta mai ƙarfi ne, kuma tana da ɗaci da ɗan zafi a maƙogwaro. Riɗi a baje yake, gefe ɗaya da faɗi ɗayan da tsini, yana kwanciya a takarda ba ya gangarawa, ɗanɗanonsa na gyaɗa-gyaɗa ne babu ɗaci. Irin albasa shi ne ya fi yaudara, don shi ma yana da kusurwa. Amma a yamutse yake, kamar an matse shi ta gefe, kuma idan aka murƙushe shi ba a jin wannan ƙamshin na habba. Shi kar ma a kai shi baki, domin irin shuka sau da yawa an gauraya shi da maganin ƙwari.

Wannan ya kawo mu ga ɗanɗanawa, wadda mutane suka ɗauka ita ce gwaji mafi sauƙi. Ɗanɗano na ƙarshe ne, ana yin sa ne don tabbatar da abin da ido da hanci suka riga suka nuna. A kasuwanninmu teburin mai kayan ƙamshi da na mai maganin gargajiya sukan jeru, wani lokacin ma mutum ɗaya ne. A irin wannan tebur ana samun idon zakara, 'yar jar ƙwaya mai sheƙi da baƙin ɗigo a kai, da 'ya'yan zurman masu zane-zane da ɗan ƙullutu a baki. Dukansu guba ne idan aka tauna. Zurman ɗin wani kan ɗauke shi gyaɗar miya saboda girmansu ya yi kusa, alhali gyaɗar miya ba ta da wannan zanen, kuma da an fasa ɓawonta ƙamshi ke fita.

Masoro kuma wutsiyarsa ce shaidarsa. Kowace ƙwaya tana da ɗan guntun kara a lanƙwashe, kuma jikinta bai cika yamutsewa ba. Baƙin barkonon da ake kawowa daga waje ba shi da wutsiya, jikinsa a yamutse yake sosai. Sai dai wutsiyar tana karyewa a buhu, don haka a duba tarin gaba ɗaya, kar a yanke hukunci da ƙwaya ɗaya. Abin da aka fi cakuɗawa da baƙin barkono shi ne busassun 'ya'yan gwanda. Su ba su zagaye sosai ba, ba su da nauyi, kuma idan aka zuba a ruwa sukan taso sama. Barkonon da bai ƙosa ba shi ma yana tasowa, saboda haka a fasa waɗanda suka taso: barkono cikinsa fari-fari ne mai gari da yaji, ɗan gwanda kuwa maiƙo ne. Kimba ba ta cikin wannan rigimar, doguwar kwafsa ce mai gaɓa-gaɓa, babu abin da ya yi kama da ita.

Busasshiyar citta da kurkum ana raba su da karyawa. Citta, irin wadda ake kawowa daga Kachia da Kwoi da Kagarko, yawanci a tsage ake shanya ta, kuma idan aka karya za a ga zare-zare a bakin karayar. Kurkum yatsu ne masu tauri, yana karyewa ƙwas babu zare, cikinsa ruwan lemo mai duhu. Tun da cutar citta ta 2023 ta cinye gonaki a kudancin Kaduna farashi ya tashi, na fi ba da shawarar a sayi cittar da jikinta a kai niƙa. Garin da aka riga aka niƙa ba shi da siffar da za a duba, ƙamshi da yaji kawai suka rage, kuma ana iya rage su ba tare da launi ya canza ba.

Akwai kuma kuskuren tambaya. Idan ka nuna kwano ka ce, “Malam, wannan kuka ce ko?” ka riga ka ba da amsa, yaron da aka bari a rumfa zai ce eh. A tambaya a buɗe: “Baba, wannan mene ne, me ake yi da shi?” Idan ya ce na ƙunshi ne, magana ta ƙare. Idan kuma ya kira sunan da ba ka sani ba, kasuwar Kaduna ta tara Bahaushe da Bayarabe da Ibo da Bagwari, abu ɗaya na iya amsa suna uku, sai ka ce ya nuna maka wanda ba a niƙa ba. Kafin a ɗaure ledar kuma, a nemi biro a rubuta sunan a guntun takarda a jefa ciki, ko a ce ya ɗaura wa lalle ƙulli biyu.