Kurakuran da ake yawan yi wajen atin da kariyar tsawa a dogon bene

Abin da ya fi damuna a aikin atin na dogon gini, wato haɗa shi da ƙasa don lantarki ya samu hanyar nutsewa, shi ne za ka ga an kashe miliyoyi a kan tayil da gilas da lifta, amma idan aka zo maganar tsawa sai a kira mai wayarin ya kafa tanda aresta guda ɗaya a saman tanki, ya ja waya ɗaya zuwa ƙasa, a haƙa rami a zuba gawayi da gishiri a binne rodi, shi ke nan wai an gama. Babu wanda ya auna ƙasar wurin balle a yi lissafi. Bari mu ɗauki gini ɗaya a matsayin misali mu bi shi daga ƙasa har sama: bene mai tsayin mita 45, faɗinsa mita 20 tsawonsa mita 30, a kan jar ƙasa mai marmara irin wadda muka sani a Arewa.

Kuskuren farko tun kafin a sayi ko rodi ɗaya ake yin sa, wato rashin auna rizistibitin ƙasa, ko kuma a auna a lokacin da bai dace ba. Rizistibiti shi ne yadda ita ƙasar kanta take turje wa lantarki, ana ƙirga shi da om-mita. Hanyar da aka fi bi ita ce ta Wenner: a kafa ƙusoshi huɗu a layi ɗaya, tazara iri ɗaya tsakaninsu, na'urar ta tura lantarki ta na gefe biyun ta karanta ta na tsakiya biyun, sai ta ba ka karatu a om, wato R, da shi za ka fitar da rizistibitin, wato ρ.

```
ρ = 2 × π × a × R
```

a ita ce tazarar ƙusoshin a mita, kuma kusan ita ce zurfin da kake leƙawa. Mu ce a watan Maris mun auna filin namu: tazarar mita 1 ta ba da om 64, wato kusan om-mita 400. Tazarar mita 3 ta ba da om 16, kusan 300. Tazarar mita 10 ta ba da om 2.4, kusan 150. Ka ga ƙasar ta gaya mana abu muhimmi, sama a bushe take, can ƙasa akwai danshi, don haka duk abin da ya nutsa zai fi amfani. Wanda ya auna tazara ɗaya kawai bai ga wannan ba. Shi kuwa wanda ya zo a Agusta ruwa ya jiƙa ko'ina, zai iya samun ƙasa da rabin wannan adadi ya yi lissafinsa a kai, ya rubuta rahoto mai kyau, alhali hadarin farkon damina da ya fi zuwa da tsawa mai tsanani yana tarar da ƙasa ne a bushe ƙarau bayan wata shida babu ruwa. Don haka a auna da rani, a canja tazara, a kuma juya layin a sake aunawa ta wata fuskar saboda bututu ko ƙarfen da ke binne yana ɓata karatu.

Sai maganar rodi. Mutane da yawa sun ɗauka rodi ɗaya mai kauri ya isa, har za ka ji ana cewa a sayo mai kaurin nan don ya fi jan tsawa. Ga lissafin rodi ɗaya da aka kafa a tsaye:

```
R = ρ / (2πL) × [ ln(8L/d) − 1 ]
```

L tsawon rodi, d kaurinsa, duk a mita, ln kuwa logaridim ne da ake dannawa a kalkuleta. Rodi mai mita 3 kauri milimita 16 a ƙasar filinmu mai om-mita 300: 300 a raba da 18.85 ya ba da 15.9, ln na 1500 shi ne 7.31, a cire 1 saura 6.31, a ninka ka samu kusan om 100. Ɗari fa, alhali ƙa'idar IEC 62305 tana ba da shawarar a sauko ƙasa da om 10. Ɗan gajeren nan mai ƙafa huɗu da ya cika kasuwa, wato mita 1.2, shi kusan om 215 zai ba ka. To ninka kaurin zuwa milimita 32, me ka samu? Om 89, kuɗi ya ƙaru sosai riba kaɗan, saboda kaurin yana cikin ln ne. Amma ninka tsawon zuwa mita 6 ta hanyar haɗa rodi biyu da kofla, sai ya sauko wajen om 56, kuma a filinmu zai fi haka sauka tunda ya fara taɓa ƙasa mai danshi. Kauri amfaninsa rodi ya jure duka da tsatsa, tsawo shi ke sauke om.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne na gaba, don masu yin sa sun yi lissafi ne amma rabin lissafi. Sai mutum ya ce ai rodi ɗaya om 100, to goma za su ba da 10, ya jera su a rami ɗaya tsakaninsu mita ɗaya-ɗaya don ya rage kuɗin haƙa da na kwafa. Matsalar ita ce kowane rodi yana buƙatar ƙasar da ke kewaye da shi ya watsa lantarki a ciki, idan suka matsu sai su riƙa rububin ƙasa ɗaya. Ƙa'idar atin ta BS 7430 ta ba da yadda ake gyara lissafin:

```
Rn = (R / n) × (1 + λ × α)
α  = ρ / (2π × R × s)
```

n adadin rodi ne, s ita ce tazarar rodi, λ kuwa 3.81 ce idan rodi goma ne a layi ɗaya. Da tazarar mita 1, α ta zama 0.48, amsa ta fito kusan om 28, ninki uku kusan na abin da ya yi tsammani. Ware su zuwa mita 6, wato ninki biyu na tsawon rodin, α ta koma 0.08, amsa om 13. Rodi iri ɗaya, adadi ɗaya, tazara kawai aka canja. Kar tazara ta gaza tsawon rodin ko da wuri ya matse, idan da fili a ninka.

Ni dai a dogon gini ban fara da rodi ba ma. Zobe nake fara lissafawa, wato tef ɗin kwafa da aka binne ya zagaye ginin gaba ɗaya, kamar mita 1 daga bango, zurfi aƙalla rabin mita. A gininmu zoben zai zama mita 22 da 32, filin da ya kewaye murabba'in mita 704, daidai da da'ira mai faɗin mita 30, wannan faɗin shi ne D.

```
R ≈ 2ρ / (3D)
```

A nan ma akwai tarko, tunda zoben a saman ƙasa yake kwance dole a yi amfani da 400 ba 300 ba: 800 a raba da 90, kusan om 8.9. Mun shiga ƙasa da 10 amma da ƙyar, shi ya sa za a ƙara rodi mai zurfi a gindin kowace wayar saukowa, a kuma haɗa zoben da rodin kankaren fandisho. Wannan na fandisho kusan kyauta ne idan an tuna da shi kafin a zuba kankare, in an riga an zuba kuwa ya wuce, don haka injiniyan lantarki ya shigo tun ana ɗaura rodi ba sai an zo fenti ba. Abu ɗaya, idan an shimfiɗa leda mai hana ruwa a ƙarƙashin fandishon to ta raba shi da ƙasa, kar a dogara da shi shi kaɗai.

Gawayi da gishiri fa? Ranar da aka zuba za su sauke karatu, wannan gaskiya ne. Amma ruwan damina yana wanke gishirin, kafin ya tafi kuma ya ci rodin da kilam ɗinsa, musamman rodin ƙarfe mai ɗan siririn rufin kwafa. Idan ƙasa ta yi tsauri a yi amfani da yumɓun bentonait ko siminti na musamman da ake yi don atin, mahaɗa ta cikin ƙasa kuma a narka ta da walda irin ta kwafa maimakon ɗauri da noti kawai.

Yanzu mu hau sama. Waya ɗaya daga aresta zuwa ƙasa ba ta isa wannan gini ba. Idan tantance haɗari ya sa ginin a aji na uku na kariyar tsawa, ana son wayoyin saukowa kusan kowace mita 15, kewayen gininmu mita 100 ne, ke nan bakwai, ni zan sa takwas don kowace kusurwa ta samu. Rufin a yi masa raga mai gida mita 15 da 15, tanki da dish da sola da injin sanyi duk a duba ko sun shiga inuwar kariya ta hanyar gangara ƙwallo mai radiyos mita 45 a kan zanen, duk inda ƙwallon ya taɓa tsawa za ta iya sauka a nan. Da ginin ya haura mita 60, sai an kare bangon kashi 20 cikin 100 na sama saboda tsawa tana bugun gefe. Wayar ta sauko a miƙe, kar a naɗe ta ta zagaye baranda, don lantarkin tsawa yana tsallake lanƙwasa ya fasa bango. Sannan kwafar da ke fili ana sace ta, na sha ganin aresta yana nan a sama tsaf amma an yanke mita uku na ƙasa, gara a bi ta cikin ginshiƙi ko a rufe ƙasan.

Akwai kuma masu raba ramuka, wai na tsawa daban, na janareta daban, na kwamfuta daban don kar tsawa ta shiga kaya. Yi lissafi: tsawa mai amfiya 100,000 a kan om 10 ta ɗaga wannan atin zuwa bolt miliyan ɗaya na ɗan lokaci, ɗayan atin yana ƙasa can, to wannan bambancin sai ya nemi hanya ta cikin kebul ko bututu ko jikin mutum. A haɗa su duka a babban sandan atin guda ɗaya, da bututun ƙarfe da ƙarfen da lifta ke bi da jikin janareta, gini ya tashi tare ya sauka tare, a kuma sa SPD, wato na'urar da ke kare kaya daga hauhawar wuta ta farat ɗaya, nau'i na ɗaya a babban allon wuta, nau'i na biyu a ƙananan alluna.

Awon ƙarshe shi ma ana ɓata shi. Ɗan kebul mai mita 20 da ke zuwa a jakar na'ura na rodi ɗaya ne, idan ka auna zobe da shi ƙusar awon da ka kafa tana cikin yankin zoben, zai nuna maka om kaɗan na ƙarya. Zobenmu daga kusurwa zuwa kusurwa kusan mita 39 ne, ƙusar da ke tura lantarki ta yi nisan wajen mita 200, ta tsakiya mai karatu a kafa a kashi 62 cikin 100 na nisan, wato mita 124. Sai a matsar da ita mita 20 gaba, mita 20 baya, idan karatu ukun sun yi kusa da juna an yarda, idan sun yi nisa a ƙara ja da ƙusar baya. A kwance mahaɗar gwaji kafin a auna, a rubuta ranar da yanayin ƙasa, a maimaita duk shekara a Maris ko Afrilu kafin hadari ya fara haɗowa.