Kurakuran da aka fi yi wajen amfani da magungunan ƙara fitsari, da yadda ake gyara su

A ɗakunan jinya da shagunan magani na Abuja, daga Gwagwalada zuwa Kubwa, sau da yawa ana ambaton furosemaid da haidirokulorotayazaid da sifironolakton kamar abu ɗaya ne, wato maganin da ke sa fitsari, bambancinsu kawai shi ne wani ya fi wani ƙarfi. Daga wannan fahimta ce yawancin kurakuran ke tasowa, domin kowanne daga cikin rukunonin uku yana aiki ne a wani sashe dabam na nefuron, ƙaramin bututun da ke tace jini a cikin ƙoda, kuma sashen da magani ya toshe shi ne ke yanke abin da za a gani a takardar gwajin jini bayan mako ɗaya ko biyu.

Sodiyam ɗin da ƙoda ta tace ba ya fita gaba ɗaya cikin fitsari, ana mayar da kusan dukkansa cikin jini a kan hanya. Kimanin kashi 65 cikin ɗari yana komawa tun a farkon bututun, kimanin kashi 25 a reshe mai kauri na lanƙwasar Henle wanda ke hawa sama, kimanin kashi 5 a murɗaɗɗen bututu na nesa, ɗan abin da ya rage kuma a bututun tattarawa. Furosemaid da 'yan uwansa bumetanaid da torasemaid suna toshe mashigar gishiri mai suna NKCC2 a lanƙwasar Henle, shi ya sa fitsarin da suke jawowa yake da yawa. Rukunin tayazaid, wato haidirokulorotayazaid da kulotalidon da indafamaid, yana toshe mashigar NCC a bututu na nesa. Rukuni na uku, masu riƙe fotasiyam, yana aiki a bututun tattarawa: amiloraid yana toshe ƙofar sodiyam mai suna ENaC kai tsaye, sifironolakton kuwa yana hana aldosteron, sinadarin da ke sa ƙoda ta riƙe sodiyam ta fitar da fotasiyam, isar da saƙonsa.

Ɗauka cewa mai ƙarfin fitsari shi ne mai saukar da hawan jini

Ana yawan ganin mai hawan jini wanda ƙodarsa lafiya lau, ba shi da kumburi, amma an ɗora shi a kan furosemaid miligiram 40 sau ɗaya a rana. Matsalar ita ce aikin furosemaid ba ya wuce kimanin awa 6, kuma a sauran awannin yini da dare ƙoda tana rama gishirin da ta rasa, musamman idan abincin mutum yana cike da gishiri da dunƙulen ɗanɗano. Tayazaid ya fi daɗewa a jiki, kuma bayan wasu makonni yana sassauta jijiyoyin jini, saboda haka shi ne ya dace da hawan jini. Furosemaid wurinsa shi ne inda ruwa ya taru, kamar gazawar zuciya da ruwa a huhu, ko kuma inda ƙoda ta yi rauni har tacewarta ta sauka ƙasa da mililita 30 a minti ɗaya, domin a nan ƙarfin haidirokulorotayazaid yana raguwa ƙwarai.

Tsammanin furosemaid ne ya fi zubar da sodiyam na jini

Wannan shi ne kuskuren da ya fi kama masu ilimi, domin a zahiri yana kama da gaskiya: maganin da ya fi fitar da gishiri ai shi ya kamata ya fi rage sodiyam a jini. Amma adadin da ake gani a gwaji, wanda ya kamata ya tsaya tsakanin 135 da 145 mmol/L, ma'auni ne na sodiyam idan aka kwatanta shi da ruwa. Lanƙwasar Henle ita ce ke tara gishiri a can cikin ƙoda, kuma wannan tarin gishirin ne ke janyo ruwa daga bututun tattarawa ya koma jini. Furosemaid yana rushe wannan tari, sai ruwa ya bi gishiri su fita tare. Tayazaid kuwa ba ya taɓa lanƙwasar, saboda haka ƙoda tana nan da ikonta na riƙe ruwa, alhali an hana ta tsarma fitsari a bututu na nesa. Gishiri yana fita, ruwa yana zama, sodiyam na jini ya faɗi.

Wanda abin ya fi samu shi ne tsohuwa mai ƙaramin jiki, yawanci cikin makonnin farko na fara maganin, balle a zafin watan Maris da Afrilu na Abuja lokacin da ake shan ruwa babu ƙaƙƙautawa. 'Ya'yanta za su ce Hajiya ta fara ruɗewa, tana jin tashin zuciya, tana tangaɗi, a yi ta neman maleriya da taifot. Gyaran shi ne a auna sodiyam kafin a fara tayazaid da kuma mako ɗaya zuwa biyu bayan farawa. Idan ya faɗi sosai a dakatar da maganin, kada a sake mayar da ita kansa, kuma kada a ɗaga sodiyam ɗin da fiye da 8 zuwa 10 mmol/L cikin awa 24, domin gaggawar gyara tana iya lalata ƙwaƙwalwa. A lura cewa haɗin amiloraid miligiram 5 da haidirokulorotayazaid miligiram 50, wanda ya yaɗu a shagunan magani na ƙasar nan, yana kare fotasiyam amma ba ya kare sodiyam ko kaɗan.

Rikita kalsiyam

A nan rukunonin biyu sun saɓa wa juna kai tsaye. Furosemaid yana zubar da kalsiyam cikin fitsari, domin toshe NKCC2 yana kashe ƙarfin lantarkin da ke tura kalsiyam da magnesiyam ta tsakanin ƙwayoyin bututun. Tayazaid yana riƙe kalsiyam, shi ya sa yake taimakon mai yawan yin tsakuwar ƙoda ta kalsiyam, kuma shi ya sa ba a ba wanda kalsiyam ɗinsa ya riga ya hau.

Zuba fotasiyam ba tare da duba magnesiyam ba

Furosemaid da tayazaid duka suna rage fotasiyam, kuma dalilin ɗaya ne: sodiyam ɗin da suka hana komawa jini yana isa bututun tattarawa da yawa, a can a karɓe shi a musanya da fotasiyam da haidirojin, aldosteron kuma yana ƙara rura wannan musaya saboda ruwan jiki ya ragu. Shi ya sa ƙarancin fotasiyam yake zuwa tare da hauhawar baikabonet. Kuskuren shi ne a yi ta ba da ƙwayar fotasiyam kwana da kwanaki adadin fotasiyam na jini yana nan ƙasa a 3.0 mmol/L ba ya motsi, ba a tuna cewa magungunan nan sun zubar da magnesiyam ba. Idan magnesiyam ya yi ƙasa, ƙofar fitar fotasiyam a ƙoda tana zama a buɗe, sai abin ya zama kamar zuba ruwa a kwando. A gyara magnesiyam tukuna. Wannan ya fi zama dole ga mai shan maganin zuciya na digoksin, domin ƙarancin fotasiyam yana mayar da ƙa'idar digoksin ta yau da kullum guba.

Ɗaukar masu riƙe fotasiyam a matsayin marasa haɗari

Da yake ba su jawo fitsari mai yawa, ana raina su, alhali hauhawar fotasiyam da suke jawowa tana iya tsayar da zuciya. Bayan binciken RALES na 1999 ya nuna cewa sifironolakton miligiram 25 yana rage mutuwa a gazawar zuciya mai tsanani, rubuta shi ya ƙaru, kuma wani nazari da aka buga a 2004 daga lardin Ontariyo na Kanada ya nuna cewa kwantar da marasa lafiya saboda hauhawar fotasiyam ya ƙaru tare da shi. Laifin yana ga zaɓen majiyyaci da rashin bin sawu.

A ɗauki misalin wani magidanci mai shekara 62 da ke zaune a Nyanya, yana da gazawar zuciya da ciwon suga, yana shan furosemaid miligiram 40 safe da rana, da maganin zuciya da hawan jini na lisinofiril miligiram 10, da ƙwayar fotasiyam da aka ƙara masa tun lokacin da gwaji ya nuna 3.3. Ƙafafunsa sun sake kumbura, sai aka ƙara sifironolakton miligiram 25, ba a cire ƙwayar fotasiyam ba, aka ba shi ranar dawowa bayan wata biyu. Bayan kwana biyu bai ga canji ba, ya koma shan ƙwayar sifironolakton biyu da kansa, bai san cewa sifironolakton yana ɗaukar kwana biyu zuwa uku kafin aikinsa ya bayyana ba, tunda sai ƙwayoyin bututun sun rage ƙera ƙofofin sodiyam tukuna. A mako na biyu gwiwa ta dame shi, ya sayi maganin ciwon gaɓoɓi na daikulofenak. Ya zo asibiti da kasala da nauyin ƙafafu, bugun zuciyarsa 48 a minti, fotasiyam 6.8, kiriyatinin, ma'aunin aikin ƙoda, ya hau, baikabonet ya sauka, kuma awon lantarkin zuciya ya nuna igiyar T mai tsini, alamar hauhawar fotasiyam.

Kowane mataki a nan yana komawa ga bututun tattarawa. Lisinofiril ya rage aldosteron, sifironolakton ya toshe ragowar, daikulofenak ya rage jinin da ke shiga ƙoda ya kuma dakushe furosemaid, ana kuma ci gaba da ƙara fotasiyam ta baki. Da an ba shi seftirin saboda ciwon mafitsara da abin ya fi haka muni, domin tirimetofirim da ke cikinsa yana toshe ENaC kamar amiloraid. Abin yi nan take shi ne kalsiyam gulukonet ta jijiya don kare zuciya, sai insulin yunit 10 tare da gulukos giram 25 don tura fotasiyam cikin ƙwayoyin jiki, ana auna sugan jini a kai a kai, a dakatar da sifironolakton da lisinofiril da ƙwayar fotasiyam da daikulofenak, a bar furosemaid idan ruwan jikinsa bai ƙare ba, domin shi ne ke fitar da fotasiyam ɗin. Gaskiya ne jinin da ya farfashe a kwalba yana nuna hauhawar fotasiyam ta ƙarya, kuma yana da kyau a sake ɗiba, amma ba a jiran sakamako na biyu alhali awon zuciya ya riga ya canja.

Abin da zai hana wannan tun farko ba shi da tsada. Ba a fara sifironolakton idan fotasiyam ya haura 5.0 ko tacewar ƙoda ta gaza 30. Ranar da aka rubuta shi ake sake duba ƙwayar fotasiyam, mafi yawan lokaci a cire ta. Ana maimaita gwaji a mako na farko da na huɗu, a raba ƙa'idar biyu idan adadin ya wuce 5.5, a dakatar idan ya wuce 6.0. A kuma gaya wa majiyyaci da harshen da zai gane: Alhaji, kada a sayi maganin ciwon gaɓoɓi sai an tambaye mu, kada a yi amfani da gishirin da ake tallatawa don masu hawan jini domin fotasiyam ne a cikinsa, kuma idan gudawa ko amai ya kama ka a tsayar da wannan ƙwaya a zo asibiti. Mai niyyar azumi a kan waɗannan magunguna ya kamata a duba ƙodarsa da sinadaran jininsa kafin watan Ramadan ya kama, a daidaita masa ƙa'ida da lokacin sha.