Yadda na gyara muryar da ta fashe a taron walima

A walimar ƙanina nan Runjin Sambo na ɗauki sauti, na bar ƙarfin makirfo sama sosai. Duk inda malam ya ɗaga murya sai ta fashe kamar tsohuwar lasifika. Da na buɗe fayil ɗin a Audacity, manhajar gyaran sauti, na zuƙo hoton sautin, sai na ga kawunan igiyar sun daidaita a 0 dB, wato iyakar ƙarar da fayil ɗin zai iya ɗauka, kamar an yanke su da wuƙa.

Rage ƙara kaɗai ba ya gyara wannan, yankan yana nan. Na fara da Amplify, na sauke shi da 10 dB don kawunan su samu wurin tashi. Sannan na bi da Clip Fix, mai sake gina kawunan da aka yanke, na sa Threshold of Clipping a 95%, gaɓa-gaɓa, wuraren da suka lalace kawai. Muryar ta dawo da taushinta.

Wurin kabbarar jama'a kam bai gyaru ba, yankan ya yi tsawo. Yanzu ina ɗaukar sauti a -12 dB, ƙasa da iyakar, don kada ya sake fashewa.