Darasi na Tara: Idan Kaya Ba Za Su Samu a Ranar Alkawari Ba

Duk mai sana'a ya san wannan rana. Ka karɓi kafin alƙalami, ka sa wa mutum rana, sai abu ya gitta. Jinkirin kansa ba shi ne ke raba ka da mai sayen kayanka ba, domin kowa ya san mota na lalacewa, wuta na ɗaukewa. Abin da ke raba ku shi ne mutum ya taso da amalanke ranar da ka ce masa, ya tarar babu komai, ya kuma gane cewa kai ka sani tun kwana uku ka yi shiru.

A wannan darasi za mu bi misalin wani mai walda a garin Tawa. Kuɗin da kwanakin duk na misali ne, kowa ya sa nasa a madadinsu.

Aikin da aka ba shi

Wani Alhaji yana gina gida. Ya ba mai walda aikin ƙofofin ƙarfe 4 da tagogi 6. Kowace ƙofa jika 55, kowace taga jika 30, jimla jika 400. Ya ba da kafin alƙalami jika 250, saura jika 150 sai kaya sun samu. Suka tsayar da ranar Alhamis, 12 ga wata.

Mai walda yana da ƙarfen firam a shago, amma fallen tol ɗin da Alhaji ya zaɓa mai kauri ne, sai da aka saro shi daga Yamai. Hanya kuwa da nisa: a bi ta Doso, a wuce Dogon Dutsi, a kai Ƙonni, sannan a yi arewa zuwa Tawa, fiye da kilomita 500. Ranar Litinin 9 ga wata direba ya kira ya ce mota ta lalace a hanya, suna jiran kayan gyara, yana sa ran isowa Laraba.

Tun daga wannan kira mai walda ya san alkawarin Alhamis ya tashi. Ranar Litinin ɗin ya kamata Alhaji ya ji, ba Alhamis ba. Dalili yana wurin ginin. Alhaji ya riga ya ce wa magini da leburorinsa biyu su zo Alhamis su kafa ƙofofi su fara shafe. Idan magini na karɓar jika 5 a rana, kowane lebura jika 2 da rabi, to jika 10 ke nan a rana. In suka zo babu kaya, ko dai Alhaji ya biya su kuɗin zama, ko su kama aiki a wani wuri, kuma magini in ya tafi, dawo da shi sai an sha jira. Wanda ya ji da wuri yana da damar gyara lissafinsa. Wanda ya ji a ranar, asara ta riga ta same shi.

Lissafi kafin magana

Nan ne mafi yawanmu ke tuntuɓe. Mutum ya ji kunya, yana son Alhaji ya saki fuska, sai ya ce, "Gobe ko jibi in sha Allahu." Bai ƙirga komai ba, so yake kawai maganar ta wuce. Jibi ta zo babu kaya, ya sake ɗagawa. Ɗagawar farko ana ɗora ta a kan mota. Ta biyu kuwa a kan halinka ake ɗora ta.

Saboda haka kafin ya je wurin Alhaji, mai walda ya zauna da littafinsa ya ƙirga. Direba ya ce Laraba, amma shi ma fata yake yi, don haka a rubuta Alhamis 12 ranar sauke kaya. Yankan tol da walda na guda goma zai ci kwana uku cikakku. Juma'a 13 rabin yini ce saboda masallaci. Asabar 14 da Lahadi 15 yini biyu. Safiyar Litinin 16 ta cike kwana na uku. Da yammacin Litinin a shafa fentin hana tsatsa, Talata 17 a bar shi ya bushe sosai, domin ƙofar da aka ɗora a amalanke da ɗanyen fenti takan isa da tabo da ƙura. Sai a ƙara Laraba 18 a matsayin ranar ko-ta-kwana, saboda injin walda da wuta yake aiki, kuma babu mai iya rantsuwa a kan wuta, musamman lokacin zafi.

Sabuwar rana ta fito: Alhamis 19. Mako guda cif. Faɗinta na da nauyi a baki, amma ranar da za ka iya cikawa ita ce mai amfani. In kaya suka kammala Laraba ka kira ka ce sun samu, ka ƙara daraja. Shi kuma "in sha Allahu" wurinsa bayan ka faɗi rana, ba a madadin rana ba.

Akwai tambaya ta biyu da ya yi wa kansa: me zan iya ba shi yanzu? Abin da magini ke bukata kafin shafe shi ne firam, wanda ake binne ƙafafunsa cikin bango da siminti. Ƙyauren kuwa ana iya rataya shi daga baya. Tunda ƙarfen firam yana shago, ana iya haɗa duka goman daga Litinin zuwa Laraba. Sai dai a kiyaye abu ɗaya: firam ɗin da babu ƙyaure a jikinsa yana iya karkacewa wajen kafawa, daga baya ƙofa ta ƙi rufuwa. Maganinsa a ɗana masa sandar ƙarfe daga kusurwa zuwa kusurwa da ƴar walda kaɗan, a cire bayan siminti ya kama, a kuma rubuta awon kowane firam don a yi ƙyaure daidai da shi.

Yadda maganar ta gudana

Bai aiki yaron shago ba. Yaro zai faɗi rabin magana, kuma Alhaji zai ga an raina shi. Aiki na jika 400 ya cancanci ka taka da ƙafarka. Ya same shi bayan la'asar a wurin ginin, suka gaisa, ya tambayi iyali, sannan bai yi ta kewaye-kewaye ba.

"Alhaji, ranku ya daɗe, na zo ne kan maganar ƙofofinku. Ba za su kammala ranar Alhamis da na yi muku alkawari ba. Motar da ta ɗauko tol ɗin ta lalace a hanyar Yamai, da safen nan direba ya kira ni. Ku yi haƙuri."

"Haba, Malam! Na fa riga na sa wa magini rana."

"Shi ya sa ban bari ya kwana ba. Na ƙirga aikin, ranar Alhamis ta sama, 19 ga wata, kayanku za su iso nan in sha Allahu. Amma firam ɗin duka goma zan kawo su wannan Alhamis ɗin, magini ya kafa ya ci gaba da shafensa. Kuɗin amalanke na zuwa biyu kuma ni zan biya."

"To in motar ba ta iso ba fa?"

"Ranar Alhamis da yamma zan kira ku, ko ta iso ko ba ta iso ba. In ba ta iso ba, akwai tol a nan kasuwa wanda bai kai naku kauri ba. Zan kawo muku guntu ku gani, in kun yarda da shi mu rage kuɗi, in ba ku yarda ba mu jira. Zaɓi naku ne."

Alhaji ya yi shiru, ya ce, "Allah ya kai mu. Amma kada in ji shiru."

Ku duba jerin maganar. Labarin mara daɗi ya zo a farko, a fili. Dalili ya zo a taƙaice, jimla ɗaya, ba a kwashe rabin awa ana zagin direba ba. Alhaji ba da direba ya yi ciniki ba. Haƙuri sau ɗaya ya isa. Wanda ke ta rantse-rantse, "wallahi tallahi", yakan sa a fara zarginsa. Kuma lokacin da Alhaji ya yi faɗa, mai walda bai ce masa ai ba laifina ba ne. Ya koma kan asarar da Alhaji ke tsoro, wato magini.

Kiran da ya yi alkawari ranar Alhamis da yamma ƙaramin abu ne, amma kada a manta da shi. Mutumin da ka saɓa wa babban alkawari yana kallon ƙananan da suka biyo baya, da su yake auna ko ranar 19 ɗin gaskiya ce.

Idan dalilin daga gare ka ne

Wani lokaci babu wata mota. Ka karɓi aiki ya fi ƙarfinka, ko ka taɓa kafin alƙalamin mutum ka yi wata hidima da shi. Kada ka ƙirƙiro motar da ta lalace. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma gari ɗaya kuke: mai sayar da tol ɗin wataƙila sahu ɗaya suke sallah da Alhaji. Ba dole ka tona cikinka duka ba. Ya isa ka ce, "Aiki ya yi mini yawa, ban auna daidai ba, laifina ne," sannan ka ba da ranar da ka ƙirga.

In kuwa ta kama dole a ɗaga karo na biyu, kai za ka fara kawo maganar mayar da kuɗi, kada ka jira a nema. Ka buɗe littafi: daga jika 250, ga abin da aka sayi ƙarfe da shi, ga firam da aka riga aka kai, ga abin da ya rage a hannu. Wanda ya ga lissafin kuɗinsa a rubuce sau da yawa yakan ce a ci gaba.

A bar shaida

Bayan an rabu, a tura gajeren saƙo a waya, rubutacce ko na murya, don kada gobe a yi musu kan rana. Ga yadda mai walda ya rubuta nasa:

"Salamu alaikum Alhaji. Kamar yadda muka yi magana: firam 10 ranar Alhamis 12. Ƙofa 4 da taga 6 ranar Alhamis 19. An biya jika 250, saura jika 150. Na gode."

Aikin yi

Ku kwafi saƙon nan a littafinku, ku ja layi ƙarƙashin kowace rana da kowane kuɗi.

Da mai walda ya yi shiru, magini da leburorinsa suka zauna kwana 3 ana biyansu, jika nawa Alhaji zai yi asara?

A ce motar ba ta iso ba sai Asabar 14. Ku sake ƙirga kwanakin, ku fitar da sabuwar rana. Ku lura ko Juma'a ta faɗo cikin kwanakin aiki ko ba ta faɗo ba.

Ku kasu biyu-biyu. Ɗaya ta zama mai ɗinki wadda ankon biki ba zai kammala ba sai kwana biyu bayan ranar da ta sa, ɗaya ta zama uwar amarya. Kafin ku fara, mai ɗinkin ta tantance kayan wa za ta fara gamawa, da ranar da za ta faɗa.