Data na ƙarewa da wuri? Leƙa tarihin rauta

Salamu alaikum 'yan uwa. Kafin ku ɗora wa kamfanin sadarwa laifi, ku buɗe burauza ku shiga 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 (duba bayan rauta, yawanci yana rubuce), ku nemi System Log, wato tarihin abubuwan da suka faru a rautar.

Da farko ku gyara agogon rautar, don in lokacinta ba daidai ba ne, tarihin zai ruɗar da ku. Sannan ku nemi layukan da ke cewa login failed. Ɗaya ko biyu ba komai, wataƙila mai gida ne ya manta kalmar sirri. Amma in kun ga goma a jere da ƙarfe biyun dare, duka daga adireshi ɗaya kamar 192.168.0.105, to wani ne da ya riga ya hau wayifai ɗinku yake lalubar ƙofar saituna. Ku canza kalmomin sirri biyun, na wayifai da na admin.

Sabuwar na'ura kuwa, layin DHCP, inda rauta ke rubuta adireshin da ta ba kowace na'ura, shi ke tona ta, da lambarta ta MAC, wato lambar shaidar na'urar. Sai dai wayoyin zamani suna iya sauya MAC, don haka ku gwada da wayoyin gida kafin ku zargi maƙwabci. Kuma kada ku kashe rauta kafin ku karanta, yawancinsu tarihin gogewa yake.